Sanarwar Ƙarin Kuɗin Haya

Unguwar Dosa, Kaduna
Talata, 1 ga Yuli, 2025

Zuwa ga dukkan masu haya a wannan gida, na ɗakunan ciki da na shagunan bakin titi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa, ina sanar da ku cewa kuɗin hayar gidan nan zai ƙaru daga ranar 1 ga Janairu, 2026. Sabon kuɗin na shekara zai kasance kamar haka: ɗaki ɗaya daga naira 90,000 zuwa 120,000, ciki da falo daga naira 180,000 zuwa 240,000, shago daga naira 150,000 zuwa 200,000.

Ƙarin ba zai taɓa kuɗin da aka riga aka biya ba. Wanda hayarsa za ta ƙare kafin ƙarshen Disamba zai sabunta a kan tsohon kuɗi, sai shekararsa ta zagayo sannan sabon ya hau kansa. Wanda tasa za ta ƙare daga Janairu zuwa gaba, da sabon kuɗi zai sabunta.

Na san halin da ake ciki, kuma ban yanke wannan shawara da sauƙi ba. Rabon da in ƙara ko kwabo tun 2021. Ko da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kaya suka yi tashin gwauron zabi, na bar haya yadda take, domin na ga kuɗin Keke Napep da na cefane sun ishi kowa. To amma gida shi ma yana cin kuɗi, kuma abin da ke shigowa yanzu ya daina riƙe shi. Buhun simintin da nake saya ƙasa da naira 5,000 a wancan lokaci, bana kusan 10,000 na biya da za a gyara katangar baya. Tifar yashi, kwano, katako, ladan magini da na kafinta, babu wanda bai tashi ba. Ga kwashe masai, ga gyaran injin bohol, ga albashin mai gadi, wanda shi ma magidanci ne kuma ya cancanci ƙari. Ga kuma kuɗin ƙasa da ake biyan gwamnatin jiha duk shekara.

Abin da ya fi damuna shi ne rufin layin baya. Waɗanda ke ɗakunan nan sun san yadda suke kwana da bokiti da roba idan ruwan Agusta ya sauko, silin ya jiƙe, bango ya fara tsattsagewa. Faci ya daina yi, kafinta ya duba ya ce katakon ƙarƙashi ya ruɓe, dole sai an yaye kwanon gaba ɗaya. Ba zan iya zuba ido mata da ƙananan yara suna kwana a ƙarƙashin irin wannan rufi ba. Za a yi masa riƙon ƙwarya cikin satin nan don a fita damina lafiya, sannan in sha Allahu da ruwa ya ɗauke, a watan Nuwamba, a sa sabon kwano. Zan fara aikin da kuɗina tun kafin ƙarin ya soma aiki. Bayan rufi sai kwatar tsakar gida da ƙofar banɗakin mata.

Kuɗin wuta yana nan yadda kuka saba haɗawa a tsakaninku, ba ya cikin wannan lissafi. Babu kuɗin ejan ko na sabuwar yarjejeniya ga wanda yake cikin gidan, kada kowa ya karɓi ko sisi a hannunku da wannan suna. Duk wanda ya biya, ya tabbata wakilina ya ba shi rasit mai ɗauke da sa hannuna.

Wanda biyan shekara a dunƙule zai yi masa nauyi, na yarda ya raba biyu, wata shida-shida, in dai ya sanar da ni kafin hayarsa ta ƙare. Wanda kuma ya ga ba zai iya ci gaba ba, ba na riƙe shi a zuciya; ya faɗa mini da wuri, mu duba ɗaki tare, mu rabu da mutunci. Wannan takarda ba ta kora ba ce. A cikinku akwai waɗanda aka yi sunan 'ya'yansu a tsakar gidan nan, kuma na fi son ku zauna.

Zan zo gidan ranar Lahadi, 13 ga Yuli, bayan sallar la'asar, lokacin da masu zuwa coci ma sun dawo. Mai tambaya ko ƙorafi ya zo mu zauna. Wanda yake da larurar da ba ya son faɗa a gaban jama'a, ya same ni ni kaɗai bayan an tashi.

Don Allah kowane mai ɗaki da mai shago ya sa hannu a kwafin da ke wurin wakilina, shaidar cewa takardar ta iso gare shi.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya hore wa kowa abin biya.

Naku,
Mai gida