Rahoton Duba Tsagewar Bangon Gabas na Ɗakin Ajiyar Hatsi, Birnin Tawa

An rubuta wannan rahoto ne domin Alhaji mai ginin, bayan ziyarar da na kai ranar Litinin, 14 ga Oktoba 2024. Na duba bangon ciki da waje, na yi awo da magwajin faɗin tsaga da igiya mai nauyi, amma ban haƙa ƙasa ba, don haka harsashin ginin ba ya cikin abin da idona ya gani.

Abin da aka gani, aka auna

Bangon yana da tsawon mita 9 da tsayin mita 3 da santimita 20, an gina shi da bulon siminti mai rami, mai kaurin santimita 15, an yi masa shafe ciki da waje. Babbar tsagar ta taso daga kusurwar sama ta taga, ta hau a karkace tana bin layin kwaɓin da ke tsakanin bulo kamar matakala, har ta kai ƙarƙashin rufi kusa da kusurwar arewa maso gabas. Faɗinta milimita 3 ne a bakin taga, ya kai milimita 11 a sama. Ta ratsa bangon gaba ɗaya, domin wanda ya tsaya a ciki da rana yana ganin haske ta cikinta, kuma a wurare biyu ta bar layin kwaɓi ta raba bulon kansa. Bakinta na sama fari ne, mai kaifi, babu ƙura ko yanar gizo a ciki, alhali na kusa da taga ya yi duhu, akwai ma ragowar tsohon ciko na siminti da ya sake buɗewa.

Tsaga ta biyu, wadda ba ta wuce milimita 2 ba, ta sauko daga ƙasan taga ta nufi kudu. Indararon rufin yana zubar da ruwa daidai gindin kusurwar arewa maso gabas, inda ƙasa ta zaizaye ta yi rami mai zurfin santimita 25, shafen kuma ya bubbuge har tsayin gwiwa. Daɓen ciki ya rabu da bango da milimita 6 a wannan kusurwa kaɗai. Igiya mai nauyi ta nuna bangon bai karkata waje ba.

Abin da aka faɗa mini

Mai gadin wurin ya ce an cike tsagar shekaru biyu da suka wuce, ta sake buɗewa a watan Agustan bana lokacin manyan ruwaye, kuma ana jingina buhunan gero da bangon har kusan rufi. Na rubuta wannan a matsayin labari, tun da ɗakin babu kaya ranar da na je.

Fahimtata game da dalili

Daga nan zuwa ƙasa ra'ayina ne bisa alamun da ke sama. Tsagar da ta hau a karkace zuwa kusurwa, tana ƙara faɗi a sama, ita ce irin wadda ake gani idan ƙarshen bango ya nutse ya bar sauran a tsaye, kuma rabuwar daɓe a wuri guda ta ƙarfafa wannan zato. Abin da na fi zargi shi ne ruwan indararo, wanda ya daɗe yana jiƙa ƙasar da ke ɗauke da harsashi yana kwashe ta, ga shi kuma bangon gabas ne ya fi shan dukan ruwa a ƙasarmu, saboda hadari daga can yake tasowa. Nauyin buhuna ba shi ne asalin matsalar ba a ganina, domin da turinsu ne ya fasa bangon, da ya kumbura ko ya karkata waje. Bushewar shafe ma ba ta raba bulo biyu.

Farin bakin tsagar na sama ya nuna motsin bai daɗe ba, amma awo na rana ɗaya ba zai tabbatar da ko ya tsaya ba. Ban ga alamar rushewa nan kusa ba.

Shawarwari

A janye ruwan indararo da bututu zuwa nesa da ginin, aƙalla mita 2, a cike ramin a daddale shi. Kada a jingina kaya a mita 3 na ƙarshen bangon ta arewa. A manna shaidar filasta, wato ɗan filasta da zai fashe idan bangon ya motsa, a wurare uku a kan tsagar, a rubuta kwanan wata kusa da kowace, a riƙa aunawa duk bayan mako biyu har ƙarshen rani, sannan a ci gaba cikin damina mai zuwa. A haƙa ramin gwaji ɗaya a gindin kusurwar, ƙarƙashin kulawar injiniya, domin a ga zurfin harsashi da irin ƙasar da yake kai.

Ina roƙon Alhaji kada ya bari magini ya sake cike tsagar kafin a sami sakamakon awon, domin sabon ciko zai ɓoye motsin da muke son gani. Idan shaida ta fashe, ko faɗin ya kai milimita 15, a tokare kusurwar, a hana shiga, a kira ni nan take.

Injiniyan gine-gine mai bincike
Tawa, 17 ga Oktoba 2024