Ranar da na kusa ce wa Sadi ɓarawo

Ranar Alhamis ne, biyar da rabi ta wuce kaɗan, masu baro sun fara raguwa a layinmu nan kasuwar Singa, ni kuma na ja kujera bakin tebur na ce bari in rufe lissafi da wuri yau in samu Magariba a masallacin unguwa. Shagon ba nawa ba ne ni kaɗai, jarin na Yaya Alhaji ne, ni ke zama, kayan masarufi muke sarawa, taliya, sukari, man girki, madara, omo, su magi. Shi yawanci yana hanyar Legas wajen lodi, to duk yamma sai na tura masa rahoton ciniki kafin in sa kwaɗo, in ya wuce shida da rabi bai gani ba kira zai fara, kuma wanda ya san Yaya ya san ba ya kira sau ɗaya.

Da can littafi muke amfani da shi, irin dogon nan mai baƙin bango. Lokacin canjin kuɗi na farkon 2023 da takardar naira ta ɓace kowa ya koma taransifa ne littafin ya gagare mu, alat ya shigo ba ka san na waye ba, wani ya tura da sunan matarsa, wani ya ce ya tura bai shigo ba, shi ne muka sa manhajar ciniki a waya biyu, tawa da wata tsohuwa da muka bar wa Sadi yaron shago a sito. Shi yana shigar da abin da ya fita ta sito, ni ina shigar da na gaban shago, su biyun suna haɗuwa a can sama, yamma ta yi in danna maɓalli ɗaya komai ya fito.

Ina buɗewa sai na ga wani jan layi a sama:

```
Sync error. Device 2 last synced 11:42
```

Ban damu ba da farko, netwok a cikin Singa ai sai addu'a, rumfunan kwano sun rufe ko'ina. Na ƙirga kuɗin durowa, na haɗa da na POS da taransifa, sai na ga kuɗin hannuna sun fi abin da manhaja ta nuna da dubu 68. Na ce to rarar kuɗi ai ba ta kashe mutum. Na tashi na leƙa sito don in daidaita kaya, nan ne gabana ya faɗi. Manhaja ta ce katan 40 na taliya suka rage, ni idona 15 yake gani. Sukari ta ce buhu 20, na ƙirga sau uku, 14 ne. Katan 25 da buhu 6, wannan ba kayan dubu 68 ba ne ko kusa, kuma babu kuɗinsu a durowa, babu a banki.

Na ƙwala wa Sadi kira, ya taho yana share gumi da gefen riga.

"Ina taliya?"

"Oga ai Hajiyar Gumel ce ta aiko bayan Azahar, lokacin ka je banki. Bashi ne kamar kullum, Litinin za ta turo. Na sa a waya wallahi, har sukarin."

"Ka sa a waya, ga waya ba ta nuna ba."

Yadda na faɗi maganar nan har yanzu in na tuna sai in ji kunya. Ban ce ka sata ba, amma muryar ta faɗa. Yaron nan shekararsa huɗu tare da mu, ko sisi bai taɓa ɓata a hannunsa ba, sai dai watan da ya wuce an kama yaron wani shago a layin baya yana fitar da katan-katan ta hannun ɗan dako, labarin na nan daram a kaina, shaiɗan kuma bai yi ƙasa a gwiwa ba. Na kira lambar Hajiya, a kashe. Sadi ya miƙo min wayar siton hannunsa na rawa.

Gaskiyarsa, a wayar akwai rubutu:

```
Sync failed. 23 records pending
```

Amma na shiga jerin ciniki a wayar tasa, daga na safe sai wayam, babu komai, kamar ba a sayar da ko ashana ba. To ina guda 23 ɗin suke? Nan kaina ya ƙara ɗaurewa.

Muka fara abin da kowa ya iya. Na kashe data na kunna, na sa alamar jirgi na cire, na duba ko data ce ta ƙare, akwai saura, duk da haka na sake sayen ta dubu ɗaya don kada a ce. Na haɗa ta da data ta tawa wayar. Sadi ya fita har bakin titi yana ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Duk danna Retry sai abin nan ya yi ta juyawa, ya juya ya juya, ya dawo da ja.

Maƙocina Malam Ɗanlami mai man gyaɗa ya leƙo, shi dama ba a magana a layi bai sa baki ba, mutumin kirki ne amma komai ya sani. Ya ce, "Alhaji ƙarami, wannan ai ba abin wahala ba ne, goge ta ka sake saukewa, ni haka nake wa tawa in ta yi iskanci. Ko ka fita ka sake shiga." Shida saura biyar lokacin, masu gadi sun fara bubbuga ƙofofi, Yaya ya riga ya turo saƙo, ya ake ciki. Na shiga na danna Log out. Allah ya taimake ni wani ɗan akwati ya fito kafin ya fita:

```
Unsynced data on this device will be lost. Continue?
```

Turancina ba mai nisa ba ne amma na san lost. Babban yatsana yana kan sikirin, Sadi ya riƙe min hannu, abin da bai taɓa yi ba, ya ce "Oga don Allah kar ka danna, in ya goge ba ni da shaida." Wannan kalma ta shaida ita ta sanyaya min jiki, ashe ya gane sarai abin da nake zargi.

Na kira Abba ɗan yayarmu, yana karatun kwamfuta a BUK, duk dangi shi ne injiniyanmu ko rimot ne ya lalace. Na karanta masa abin da ke rubuce harafi-harafi. Abu na farko da ya ce, "Kawu kar ka goge, kar ka fita, kar ka taɓa Clear data. Cinikin nan a cikin wayar kaɗai yake zaune, bai hau sama ba, in ka goge ya tafi har abada." Ya sa na fara ɗaukar hoton sikirin ɗin da tawa wayar. Ya tambayi data, na ce akwai. Ya tambayi ko waya ta cika, muka duba, da sauran fili. Ya ce in buɗe burauza in shiga kowane shafi, na buɗe, sai ga wani gargaɗi, Your clock is behind. Ya yi dariya ya ce "Kawu duba kwanan watan wayar."

1 ga Janairu, 2021. Ƙarfe shida da wani abu na safe.

Sai a lokacin Sadi ya buɗe baki. Ashe batirin wayar ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, da rana da kasuwa ta ɗan lafa ya ruga titin Beirut aka canza masa, da kuɗin aljihunsa, bai faɗa min ba don yana tsoron in ce shi ya lalata ta da cajin dare. Da aka cire batir agogo ya koma baya. Abba ya ce ai da ya kamata ta gyara kanta daga netwok, sai dai in an kashe Set time automatically. Sadi ya sunkuyar da kai. Shi ya kashe tun bara, ya ƙara minti goma a agogon, wai don in ya ga lokacin salla ya yi ya samu ya rufe sito ya yi alwala kafin a tayar. Ni ban san in yi faɗa ko in yi dariya ba.

Yadda Abba ya bayyana min, kafin waya ta miƙa bayanai sai can saman ya nuna mata wata takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar lasisin tuƙi. Wayar ta duba ta ga takardar ta ce an bayar da ita a wata shekara da a lissafinta ba a ma zo ba tukuna, sai ta ce wannan jabu ce, ta ƙi magana da shi. Data na nan, netwok na nan, ita ce dai ta ƙi yarda.

Na kunna abin, agogo ya yi tsalle ya dawo shida da minti goma sha biyu. Na danna Retry. 23, 17, 9, 2, sai kore. Malam Ɗanlami ya ce "ai dama na faɗa," ban ko kalle shi ba.

Na koma tawa wayar da murna, kaya sun daidaita, taliya 15, sukari 14, amma cinikin yau yana nan yadda yake, bai ƙaru da ko naira ba. Na sake kiran Abba, ya ce in nemo 1 ga Janairu 2021. Ga su nan reras, duka 23, a ranar da ko manhajar ba mu sa ba. Na Hajiyar Gumel shi ne na bakwai, katan 25, buhu 6, bashi, har da sunan direban da ya ɗauka da lambar motarsa Sadi ya rubuta a wajen ƙarin bayani. Sauran 22 ƙananan ciniki ne na kuɗi hannu, na haɗa su a kalkuleta, dubu 68 cif.

Gyaran kwanan watan sai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka buɗe ka canza ka adana, ana kiran Magariba muna kan na goma sha ɗaya. Muka yi salla a nan bakin shago kan kwali, muka ƙarasa da fitilar waya, mai gadi yana tsaye a kanmu yana kaɗa makullai. Yaya ya kira sau biyar. Na shida na ɗauka na ce netwok ne, ga shi nan tafe, ban ba shi labarin taliya ba don na san in ya ji kalmar ɓata ko an gano daga baya ba ta fita daga kansa.

Da muka fito titi na tsayar da a-daidaita-sahu, na tambayi Sadi nawa ya sayi batir, ya ce dubu bakwai. Na ba shi goma, na ce "Sadi ka yafe min." Ya ce "Haba Oga, ba komai," amma bai kalle ni ba, kuɗin ma sai da na cusa masa a aljihu.

Washegari Juma'a na riga shi zuwa, na buɗe littafin nan mai baƙin bango na ajiye a sito, na ce duk bashin da ya wuce dubu ɗari a rubuta a nan ma ban da waya. Na kuma sayo agogon bango na dubu uku da ɗari biyar na kafa a saman ƙofar siton. Da na leƙa wajen sha biyu, ya riga ya ƙara masa minti goma.