Bayanin aiki da jan hannu da zoben agogunan da Alhaji ya saya

Assalamu alaikum, Alhaji. Ina fata an sauka gida lafiya.

Jiya da ka tsaya a rumfata a Kasuwar Sheikh Gumi ka ce in karɓi agogona, jan hannun ya lalace, hayaniya ba ta bari na yi maka bayani a tsanake ba. Shi ya sa na rubuta wannan takarda ka ajiye cikin jakar fasfo. Agogon lafiyarsa ƙalau. Lokacin ƙarfe biyu ne na rana, ka nuna mini jan hannun yana kan takwas, ka ce ina Makka ina ƙarfe takwas. Ba takwas yake nunawa ba, 16 yake nunawa, wato huɗu na yamma, kuma daidai lokacin Makka ke nan.

Ga yadda abin yake. Gajeren hannun awa da ka saba da shi sau biyu yake zagaya fuskar agogo a kwana ɗaya. Jan hannun nan mai kan kibiya, wanda saboda shi aka rubuta GMT a fuskar, sau ɗaya tak yake zagayawa cikin awa 24. Don haka ba a karanta shi da lambobin 1 zuwa 12. Nasa lambobin su ne na 1 zuwa 24, akwai su a jikin zoben da ke kewaye da gilashi, akwai kuma ƙanana a gefen fuskar daga ciki. In ya miƙe sama, tsakar dare ne. In ya kalli ƙasa, inda shida take, sha biyun rana ne. Gefen ƙarfe uku shida na safe, gefen ƙarfe tara shida na yamma. Launi biyun da ke jikin zoben ma ba ado ba ne kawai: rabin ƙasa rana, rabin sama dare. Minti kuwa guda ne, dogon hannu shi ke yi wa garuruwan biyu aiki. Tun a shekarun 1950 Rolex ya fito da wannan tsari saboda matuƙan jirgin sama na kamfanin Pan Am masu tsallaka teku, kuma har yau bai canza ba.

Lissafin da za ka riƙe kaɗan ne. Nijeriya tana gaban GMT, wato lokacin da duniya ke auna sauran lokuta da shi, da awa 1, ba ma canzawa rani da damina. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Guangzhou da awa 7. Landan, inda 'yarka take karatu, ita ce mai rikici: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinmu ɗaya da su, sauran watannin kuma suna bayanmu da awa 1. Agogon bai san da wannan ba, kai za ka gyara da hannunka sau biyu a shekara.

Yanzu saitawa. Maɓallin gefe na murɗawa ne kamar murfin kwalba, sai ka kwance shi tukuna kafin ya jawu. Yana da mataki biyu. Ka ja shi zuwa na biyu, hannun daƙiƙa zai tsaya, ka saita lokacin Kaduna. A nan ka kula: ka juya hannuwa har kwanan wata ya faɗa, wannan ce tsakar dare, daga nan ka ƙirgo zuwa lokacin da kake. In ba haka ba za ka ga kwanan wata yana canzawa da azahar. Sai ka tura zuwa mataki na farko. Juyi ɗaya yana canza kwanan wata, ɗaya juyin kuma yana tsallakar da jan hannu awa-awa ba tare da ya taɓa sauran ba. Ka tabbata alamar kusurwa uku ta zobe tana saitin sha biyu, sannan ka kai jan hannu kan awar garin da kake so. Huɗu na yamma 16 ne, ba 4 ba. Wannan kuskuren na fi gani a rumfa: mutum ya sa shi kan 4, ya kira abokin ciniki yana zaton la'asar ce alhali ko asuba ba ta yi ba a lissafin agogonsa. Kana gamawa ka tura maɓallin ka murɗe shi ya zauna, ba da ƙarfi ba.

Abu ɗaya nake roƙonka, Alhaji: kada ka taɓa kwanan wata in agogon yana nuna tsakanin tara na dare da huɗu na asuba. A lokacin haƙoran da ke juya kwanan wata sun riga sun kama aiki, in ka tilasta su sai ɗaya ya karye, kuma kayan gyaransa ba a kusa suke ba.

Irin wannan agogo kala biyu ne, kuma naka na mazaunin gida ne. Shi jan hannunsa ke tsalle shi kaɗai, ya dace da wanda ke zaune a shago yana kiran waje. Ɗayan, irin GMT-Master II na Rolex, gajeren hannun awa ne ke tsalle gaba ko baya, jan hannu ya tsaya kan lokacin gida, agogon ko tsayawa ba ya yi. Wancan ya fi wa matafiyi daɗi, amma kuɗinsa ba ɗaya ba ne, kuma ga mai tafiya sau biyu ko uku a shekara ban ga abin ƙarin kuɗin ba.

To in ka sauka Jidda da naka, ga abin yi. Kafin ka taɓa komai jan hannu yana kan Makka, manyan hannuwa suna kan Kaduna, kai kuma musanya kake so. Ka ja maɓalli zuwa mataki na biyu ka kai hannuwa gaba da awa 2. Jan hannu zai bi su, ya wuce Makka da awa 2, wato ya wuce Kaduna da awa 4. Ka koma mataki na farko ka yi ta tsallakar da shi gaba, tunda gaba kawai yake tafiya, har ya zagayo kan awar Kaduna. Tsalle 20 ke nan, kada ka gaji ka tsaya a hanya. Daga nan in ka idar da sallar isha'i a Harami ka ga ƙarfe tara, jan hannu zai nuna 19, ka san a Unguwar Rimi ƙarfe bakwai ne, Hajiya ba ta kwanta ba. Lokutan salla kuwa ladan za ka bi, agogo awa kawai ya sani.

Akwai gari na uku da zoben zai ba ka. A ce kana Kaduna, jan hannu yana kan Makka, kana son sanin ko mutanenka na Guangzhou sun rufe shago. Suna gaban Makka da awa 5, sai ka juya zobe hagu, akasin tafiyar hannun agogo, da awa 5. Ƙarfe tara na safe a nan, ƙananan lambobin ciki su nuna 11, zobe ya nuna 16. Garin da ke gaba hagu ake juya masa, wanda ke baya dama. In ka gama ka mayar da zoben mazauninsa, don mantuwa a nan ita ke sa mutum ya zargi agogo. Indiya ce kawai za ta ba ka wahala in ka je asibiti can: suna gabanmu da awa 4 da rabi, jan hannu kuma bai san rabi ba, sai dai ka riƙe minti 30 a ka.

Sai baƙin agogon da ka saya wa autanka, na masu ninƙaya cikin teku. Nasa zoben minti yake ƙirgawa, 0 zuwa 60, ba awa ba. Aikinsa guda ne: da za ka fara abu, ka juya zobe har kusurwa ukun mai ɗigon haske ta zo saitin dogon hannun minti. Dogon fa, ba gajere ba. Daga nan duk inda dogon hannu ya kai, lambar zoben da yake nunawa ita ce mintocin da suka wuce. An kunna injin burtsatse da huɗu da minti goma, an ɗora kusurwa a kan dogon hannu. Can ka duba ka ga yana kan 25 na zobe, to minti 25 ke nan ruwa yana hawa tanki, ba sai ka yi lissafi ba. Mintoci 15 na farko an tsaga su ɗaya-ɗaya don a karanta daidai. Iyakarsa awa guda, in ya zagayo sai ka riƙe awar a ka.

In kuma jira kake, a ce Hajiya ta ce a sauke shinkafa bayan minti 20, ka cire 20 daga 60, ka ɗora 40 na zobe a kan dogon hannu. Yana isa kusurwa, lokaci ya cika.

Yaron zai ga zoben hagu kawai yake juyawa, yana ƙas-ƙas. Ka gaya masa kada ya tilasta shi dama, haka aka ƙera shi da gangan. Mai nutso yana ƙasan ruwa da tukunyar iska a baya, in zobe ya bugi dutse ya goce, gocewar hagu ƙara masa mintocin da suka wuce take yi, sai ya fito da wuri da sauran iskarsa. Da dama zai goce, da ya zaci yana da lokacin da ba shi da shi. Ƙa'idar agogon nutso ta duniya, ISO 6425, ta ɗauki wannan kariya da muhimmanci, ta kuma ce agogon ya jure aƙalla zurfin mita 100. Mu nan ba teku gare mu ba, kuma ban ce a je a gwada a Kogin Kaduna ba, amma kafin alwala ko wanka ya duba maɓalli a murɗe yake. Na taɓa buɗe wani da aka bar maɓallinsa a kwance cikin damina: gilashin ya yi gumi daga ciki, ƙafafun fuskar sun yi tsatsa ja kamar garin barkono.

In yana son sanin lokacin da kake ciki a Makka, nasa ma zai iya. Ya juya kusurwa ta zo saitin ƙarfe goma, ya ɗauki kowane minti 5 na zobe a matsayin awa ɗaya, ya karanta da gajeren hannu. Ƙarfe uku a Kaduna gajeren hannu zai kalli 25, wato biyar a Makka. Dare ne ko rana, wannan shi zai sani.

Hunturu na tafe, ƙura za ta shige ƙarƙashin zobba biyun su yi tauri. Kada a ɗiga man keke ko man gyaɗa, ƙurar za su ƙara kamawa. A murɗe maɓalli, a sa agogon cikin ruwa mai tsabta ana juya zoben a hankali, a goge da tsumma mai laushi. In bai saki ba a kawo mini. Ranar da za ka tashi ka biyo ta rumfa kafin azahar, mu yi gwajin saukar Jidda sau ɗaya da hannunka a gabana.

Allah ya kai ka lafiya, ya karɓi ibada. A gaida Hajiya da yara.