Ƙarfe Huɗu da Rabi

Sai da Amir ya saki nono, bakinsa ya ɗan buɗe, sannan Rahma ta yarda barci ya ɗauke shi da gaske. Ta zare hannunta daga ƙarƙashin wuyansa a hankali, ta ja masa mayafi zuwa ƙirji. Sha ɗaya ta wuce. Idanunta sun yi nauyi, bayanta yana mata zogi tun daga tsayuwar da ta sha a aji da rana, ga wankin da ta shanya bayan ta dawo.

Littafin kula da lafiyar yara yana kan kujera, ba ta ko kalle shi ba. Ta daɗe da haƙura da karatun dare. Da ta koma makarantar koyon aikin jinya bayan hutun haihuwa, ta yi ta gwadawa, sai ta maimaita layi ɗaya har ta gaji ba ta san me ya ce ba, ta farka cikin dare da shatin littafi a kumatu.

Wayarta ta ɗauko, ta buɗe wajen tunatarwa, ta sa lokaci, ta rubuta da babban yatsa:

"4:30. Shafi na 212 zuwa 216, numfashin yara. Biro yana cikin littafin. Ki tashi zaune kafin ki fara tunani."

Ta kashe ƙarar ta bar girgiza kawai, ta cusa wayar ƙarƙashin filo.

Da farko alam kurum take sawa, ba rubutu. Yana bugawa take kashe shi, wani lokaci ma da safe ba ta tuna ta kashe ba. Ranar da ta daure ta tashi kuwa, sai ta zauna tana jujjuya takardu, wannan darasin za ta fara ko wancan, kafin ta yanke shawara Amir ya motsa. A hankali ta gane cewa matar da ke farkawa da asuba ba ta da ƙarfin zaɓar komai. Ba ta tuna jarrabawa, ba ta tuna dalilin komawarta makaranta, ɗumin shimfiɗa kawai ta sani. Wadda ke tuna waɗannan duka ita ce ta dare, duk da gajiyarta. Don haka ta dare ta ɗauke wa ta asuba aikin tunani gaba ɗaya: ga shafi, ga biro, ga inda za a tsaya. Kuma ba ta ɗora mata abin da ya fi shafi biyar, don ta lura in ta yi zari ta rubuta babi guda, ganin yawansa kaɗai ya isa ya mayar da ita barci.

Wayar ta girgiza a ƙarƙashin kunnenta. Ta laluba, hasken ya soke mata ido, ta karanta. Ta tashi zaune.

Nura ya juya yana gunaguni. "Rahma, wannan wayar taki har cikin kaina nake jin ta."

"Yi haƙuri, Abban Amir. Koma barcinka."

"Ke ba kya gajiya ne? Ki bari sai ƙarshen mako mana."

Ba ta amsa ba, shi ma bai jira amsa ba, numfashinsa ya koma yadda yake. Ba ƙin karatun yake ba. Shi ya biya kuɗin komawarta, shi yake kai Amir wajen Umma kullum da safe kafin ya wuce aiki. Ramar da ta yi ce take damun sa, bai kuma san yadda zai faɗa ba sai ta hanyar ƙorafi a kan waya.

Ta wanke fuska, ta zauna a ƙasa ta jingina da gado, ta kifa fitilar wayar a kan littafin yadda hasken ba zai kai fuskar yaron ba. A wannan lokacin babu mai neman komai a wajenta. Ta karanta cewa huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu. Ta karanta yadda limoniya ke cika ƙananan jakunkunan iska na huhu da ruwa da mugunya, har yaro ya riƙa gaggawar numfashi don ya sami iskar da za ta ishe shi. Sai ta zo kan lambobin da malamarsu ta ce duk wanda bai riƙe su ba kada ya kira kansa ɗalibin jinya. Ta kwafe su a bayan littafin rubutunta. Jaririn da bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. A ƙirga minti guda cif, kuma sai yaro yana kwance lafiya, ba yana kuka ba.

Ta ɗaga kai ta dubi Amir. Watansa takwas. Ta ɗan yaye rigarsa, ta sa agogon waya, ta zuba wa cikinsa ido yana hawa yana sauka. Talatin da huɗu. Ta yi murmushi ita kaɗai, ta rubuta a gefen shafin: Amir, 34. Haka take yi da shi tun da ta soma wannan darasi. A kansa ta taɓa maɗiga ta ji yadda take a jikin lafiyayyen yaro, a fatar cikinsa ta gwada mintsinin da ake gane bushewar jiki da shi, ta ga fatar ta koma nan take.

Kafin gari ya waye ta kai shafi na 216. Ta rufe littafin ta faɗi lambobin da ka, ta kuskure ɗaya, ta duba, ta sake.

Kwanaki suka yi ta tafiya haka. Wata asubar ta sami awa guda cur, wata kuma Amir ya tashi da kuka tun ba ta gama sakin layi ba, ta ƙarasa karatun tana jijjiga shi a kafaɗa. Akwai daren da barci ya sace ta ba ta rubuta komai ba, ta farka rana ta fito, ta wuni ranta a jagule. Da dare ta rubuta shafi biyu kacal, ta tashi ta karanta su.

Ana saura mako biyu jarrabawa Amir ya kama mura. Umma ta ce sanyi ne, zai wuce. A rana ta uku jikinsa ya yi zafi, tari ya ƙaru, nonon ma sai ya ja kaɗan ya saki. Rahma ta yi ta fama da shi har tsakar dare kafin ya yi luf. Ta ɗauki wayar, ta daɗe tana kallon wajen rubutun. Zuciyarta ta ce yau kam ki bar shi. Ta rubuta dai: "4:30. Ki duba Amir. In ya samu sauƙi, shafi na 240 kawai."

Da wayar ta girgiza, ba ta nemi littafi ba. Ta haska yaron. Barci yake, amma cikinsa yana bugawa da sauri, hancinsa yana buɗewa da kowane numfashi. Ta yaye rigar, ta sa agogo, hannunta yana rawa. Hamsin da takwas. Ta ce wa kanta ruɗewa ce, ta jira, ta sake ƙirgawa. Hamsin da bakwai. Ta matso da fitilar kusa, sai ta ga abin da ta sani a zane kawai: duk sa'ad da ya ja iska, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki.

"Abban Amir. Abban Amir, tashi. Asibiti za mu."

Nura ya tashi a firgice. "Yanzu? Ba ga shi yana barci ba? Mu bari gari ya waye mana."

"Ba zai jira ba. Zo ka gani." Ta kama hannunsa ta nuna masa. "Kalli nan, ƙasan ƙirjinsa. Ka ga yana shiga? Yaro kamarsa in ya kai hamsin a minti an shiga matsala, shi yana hamsin da takwas."

Bai taɓa jin muryarta haka ba. Ya dube ta, ya dubi yaron, ya jawo rigarsa.

A ɗakin gaggawa na yara, nas ɗin da ke aikin dare ta tambayi abin da ya kawo su. Rahma ta zayyana mata a jere: wata takwas, tari da zazzaɓi kwana uku, numfashi 58, ƙirji yana lotsawa, yana shan nono kaɗan kaɗan, bai yi amai ba, bai yi jijjiga ba. Matar ta ɗago daga rubutun da take yi.

"Ma'aikaciyar lafiya ce ke?"

"Ɗaliba ce, Sista. Shekara ta biyu."

Sista ba ta ce komai ba, ta maƙala wa Amir na'urar auna iska a babban yatsan ƙafa. Lambar ta yi ta rawa, ta tsaya a 88. Nan da nan aka sa masa robar oksijin a hanci, aka kira likita, aka nemi jijiya aka fara allura. Sai a lokacin ƙafafun Rahma suka saki, ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ta riƙe tun daga gida. Nura yana tsaye a kanta, ya rasa abin faɗa, ya dafa kafaɗarta kawai.

Da yamma ya je gida ya dawo da kayan sawa. A ƙasan jakar ta tarar da littafin, biro yana ciki inda ta bar shi, da cajar wayarta.

"Ban ce ka kawo ba ai."

"Na sani. Ban san shafin da kike ba, shi ya sa na kawo shi duka." Ya sosa ƙeya. "Sai dai ki yi barci yau, don Allah. Ni zan zauna da shi."

Ta yi barcin. Ta rubuta tunatarwar tukuna, shafi ɗaya.

A asuba ta uku zafin jikin Amir ya sauka, an cire robar, numfashinsa ya dawo arba'in da biyu. Rahma tana zaune a kujerar gefen gado da littafi a cinya, sai matar gadon kusa, wadda ba ta runtsa ba ita ma, ta leƙo.

"Maman Amir, kullum sai na ga kin tashi war haka kina kallon cikin yaron nan kina motsa baki. Addu'a ce?"

"Har da ita. Amma ƙirga numfashinsa nake."

"Ana ƙirga shi ne? Ni tawa sai da ta sanƙame muka kawo ta. Da na san ana gane wa tun da wuri..." Muryarta ta sarƙe.

Rahma ta sa biro a tsakiyar shafin ta rufe littafin. "Shekararta nawa?"

"Biyu da wata uku."

"To arba'in ce iyakarta. Matso, Maman Hanan, ba wuya. Ɗaga mata rigar. Kar ki kalli fuskarta, cikinta za ki kalla, hawa da sauka ɗaya ke nan. Ni zan riƙe agogo, ke ki ƙirga da ƙarfi in ji. Kin shirya?"

"Na shirya."

"To, fara."