Takardar bita: magungunan daidaita bugun zuciya da matakin da kowane rukuni ke taɓawa

Ga ɗalibai ma'aikatan jinya da ke sanin makamar aiki tare da mu a Gwaram. Ku karanta kafin zagayen ranar Laraba.

Kowane bugu da wutar lantarki yake farawa. Ƙwayar tsokar zuciya tana hutawa a wajen -90 mV. A mataki na 0 sodiyam ya kwararo ciki, wuta ta tashi. Mataki na 1 ɗan saukowa ne. A na 2 kalsiyam na shiga, wutar ta tsaya a sama. A na 3 fotasiyam ya fita, ta sauko. Na 4 hutu ne. Rabon magungunan rukuni-rukuni da Vaughan Williams ya kawo a 1970 a kan ƙofofin wannan shiga da fita ya ginu.

Rukuni na I yana toshe ƙofar sodiyam, wato mataki na 0. Ia, irin su kwinidin da furokenamid, yana kuma tsawaita wutar. Ib, lidoken, yana gajarta ta. Amma kada wanda ya ɗauko lidoken ɗin ɗinki mai adirenalin ya sa a jijiya. Ic, filekenid, shi ya fi danne mataki na 0, kuma ba a ba wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya.

Rukuni na II, furofanolol da atenolol, yana tare tasirin adirenalin. A kullin SA da na AV mataki na 4 ba hutu ba ne, hawa ne a hankali, kuma wannan hawan maganin ke kwantarwa. Ku tambayi mara lafiya ko yana da asma kafin a ba shi furofanolol.

Rukuni na III shi na fi so ku riƙe. Amiyodaron da sotalol suna hana fotasiyam fita, mataki na 3 ya ja, QT ya tsawaita a takardar ECG. To, ku dubi marasa lafiyarmu da damina: ga gudawa ta zubar da fotasiyam, ga kwinin na zazzaɓin cizon sauro, wanda ɗan'uwan kwinidin ne. Idan waɗannan suka haɗu da maganin da ke tsawaita QT, bugu na iya rikicewa har rai ya salwanta. Amiyodaron kuma yana ɗauke da ayodin, yakan taɓa tayirod da huhu.

Rukuni na IV, berafamil da diltiyazem, yana toshe kalsiyam. Littafi zai ce mataki na 2, kuma gaskiya ne a tsoka, sai dai ainihin aikinsa a kullin AV ne, inda kalsiyam ke tayar da mataki na 0. Shi ya sa ba a haɗa berafamil ta jijiya da rukuni na II. Amlodifin na hawan jini ba ya cikinsu.

Digoksin da adenosin ba su samu gurbi a rabon ba. Ranar Laraba za mu duba su.