Rahoton zama na huɗu na kwamitin jagorancin aikin magudanar ruwa, Aboabo, Kumasi

An yi zaman ranar Lahadi, 12 ga Janairu, 2025, bayan la'asar, a makarantar bayan masallacin unguwa. Mutum takwas cikin tara suka halarta: Alhaji Shugaba, Malam Liman, Hajiya Magajiya, Ma'aji, Sarkin Samari, wakilin masu gidaje, wakiliyar 'yan kasuwa, da ni Magatakarda. Mataimakin Shugaba ya aiko da uzuri, yana Tamale wajen jana'izar yayarsa, Allah Ya gafarta mata. Malam Liman ya buɗe da addu'a, aka karanta rahoton zaman baya, kowa ya amince da shi.

Kuɗi. Ma'aji ya ce gidaje 128 cikin 200 sun biya sidi 300 kowanne, wato sidi 38,400. Matan adashi sun ƙara 6,000. An kashe 2,400 wajen awo da zane, saura 42,000 a asusu. An yanke cewa daga yau kada wani ɗan kwamiti ya karɓi kuɗi a hannu ba rasit, kuma duk abin da ya shigo ta Momo a rubuta shi a littafi ran nan. Ma'aji zai manna jerin gidajen da suka biya a ƙofar masallaci ranar Juma'a, 17 ga Janairu. Malam Liman ya roƙa a yafe wa gidaje tara na zawarawa da marayu, kuma kada a sa sunansu a jerin masu bashi. Ba wanda ya ja.

Rufe kwata ko barin ta a buɗe. Nan zaman ya daɗe. Magini ya ba da farashi biyu na mita 60: sidi 58,000 a buɗe, 71,000 da murfin kankare. Wakilin masu gidaje ya ce a bar ta a buɗe a gama tsawon gaba ɗaya, domin gidajen gangare da ke kusa da rafin Aboabo su ruwa ke fara shiga, kuma sun biya kamar kowa. Hajiya Magajiya ta ce: "Alhaji, mu muke tsamo yara daga kwatar nan in an taso daga makaranta. Kuma buɗaɗɗiyar kwata juji ce, wata biyu za ta cika da ledojin ruwa." Sarkin Samari ya mara mata baya, amma ya ce a yi murfin gunduwa-gunduwa yadda mutum biyu za su iya ɗagawa a kwashe yashi.

An ƙada ƙuri'a, shida suka zaɓi murfi, biyu suka ƙi. Za a gina mita 45 yanzu a kan sidi 53,250, a bar mita 15 zuwa bayan damina. Da wakilin masu gidaje ya nemi a fara daga gangare a hauro, aka yarda masa baki ɗaya. Ina so a san cewa damuwarsa gaskiya ce, na ga tabarmi da buhunan masara da ruwan bara ya lalata a gidajen nan, kuma fara aikin daga wajensu ne ya sa zaman bai watse da ɓacin rai ba.

Giɓin da ya rage sidi 11,250 ne, kuɗin gidaje 38. Hajiya Magajiya da wakiliyar 'yan kasuwa za su bi gida-gida, su kawo abin da suka tara ranar Lahadi, 2 ga Fabrairu. Malam Liman zai yi tuni bayan sallar Juma'a, 17 da 24 ga Janairu.

Izini. Ba za a sa diga a ƙasa ba sai injiniyan Majalisar Asokore Mampong ya duba zanen. Alhaji Shugaba zai kai takarda tare da ɗan majalisar unguwa ranar Litinin, 20 ga Janairu. Ni kuma an ɗora mini rubuta wa Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da dokar 2017, neman tallafin mita 15 ɗin da suka rage, in kawo wa Shugaba ya sa hannu kafin Juma'a, 31 ga Janairu.

Aikin gayya. Samari za su kwashe tsohuwar kwata ranar Asabar, 25 ga Janairu, daga bayan asuba. Sarkin Samari zai tanadi shebur, baro da safar hannu, ya kuma nemo aboboya biyu da za su kwashe sharar ran nan, kada ta kwana a bakin hanya. An ware sidi 800, za a cire daga kuɗin da za a tara.

Magini zai karɓi kuɗinsa kashi uku, Shugaba da Ma'aji za su sa hannu a kowane biya. Wa'adin gama aiki Juma'a ce, 28 ga Fabrairu, domin azumi na kamawa farkon Maris, ruwan sama kuma yana biye da shi.

Zama na gaba Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan la'asar, a nan makaranta. Malam Liman ya rufe da addu'a da ƙarfe 5:50 na yamma.

Magatakarda ya rubuta, za a karanta a zama na gaba domin amincewa.