Tunatarwa kan sauya sunan takardar filina na Tumfure

Jekadafari, Gombe
9 ga Satumba, 2024

Assalamu alaikum Barista,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Na rubuto ne kan filin nan na Tumfure, mai ƙafa 100 da 50, wanda na saya ta hannunka.

Ka san tun 14 ga Fabrairu na cika wa mai filin kuɗinsa, Naira miliyan 6 da dubu 500, a ofishinka, gaban shaidu biyu, muka sa hannu a yarjejeniyar cinikin. A makon na turo maka Naira dubu 850, ladan aikinka da kuɗin hatimi da na rajista. Ka ce da ni kafin babbar Sallah an gama. Sallah ta zo ta wuce, ga damina tana ban kwana, takardar mallaka kuwa har yau sunansa take ɗauke da shi.

Kai da bakinka ka fahimtar da ni cewa a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 22, fili mai takardar gwamnati ba ya tashi daga hannu zuwa hannu sai da amincewar Gwamna. To, abin da ke hana ni barci ke nan. Dattijon da ya sayar mini yana kwance tun watan jiya, ciwo ya ci ƙarfinsa, Allah Ya ba shi lafiya. Mutumin kirki ne, ban taɓa zarginsa ba. Amma rai na Allah ne, kuma 'ya'yansa suna da yawa, ɗaki uku. In ta Allah ta kasance alhali da sauran takardar da ke jiran sa hannunsa, sai filin ya shiga lissafin gado, ni kuma in koma zaryar kotu a kan abin da na biya da gumina. Shekaranjiya ma maƙwabcin wurin ya kira ni, ya ce ya ga wani dillali da baƙi biyu suna taka filin, har suna duba dutsen iyaka na kusurwar gabas.

Na yi ta kira, yaron ofishinka yana ce mini fayil yana ma'aikata. Wane tebur? Ina roƙonka ka ba ni lambar fayil ɗin, da kwafin rasit na duk abin da aka biya wa gwamnati, da kwafin takardar neman amincewar mai hatimin ranar da aka karɓe ta. In tsohon bashin harajin ƙasa ne ya tsayar da aikin, faɗa mini nawa ne, in san yadda za mu yi da mai filin. In kuwa sa hannunsa ake jira, ni zan kai ka gidansa da motata, ko gobe ne.

Ina sauraron amsarka a rubuce kafin Juma'a, 20 ga wata. In ayyuka sun yi maka yawa, ba laifi ba ne, ka haɗa mini takarduna da ragowar kuɗin in miƙa wa wani lauyan ya ƙarasa.

Na gode. Allah Ya taimaka.

Naka,
Malam Usman